Yatsan Malam

A makarantar nan babu wanda yake kiransa da wani suna ban da Malam Yatsa, shi ma kuma ya daina jin haushin sunan tun kafin furfura ta gama cinye masa gemu. Shi ne mai kula da ɗakin gwaji na ɗaliban da ke koyon haɗa na'urorin asibiti. Ɗakin yana hawa na biyu, can ƙarshen baranda, da dogayen tebura da ƙunar dalma ta yi musu zane, da fanka biyu, ɗaya tana juyawa, ɗayar ta yi ritaya ba tare da an sallame ta ba. Darasi ba aikinsa ba ne, wannan na Dakta ne, shugaban sashen. Nasa shi ne buɗe ƙofa, raba waya da batir, kashe ƙarfen dalmar da yara suka manta a kunne, da kuma ba da yatsa.

Da gyaran rediyo ya fara tun yana saurayi, a wata rumfa bakin titi. Daga nan ya samu shiga ɗakin gyara na wani asibiti, ya yi shekaru yana kwance injinan da likitoci suka rantse sun mutu, mafi yawansu kuwa fis, 'yar wayar da ke kare inji daga yawan wuta, shi ne kawai ya ƙone. A can ya ɗauki aƙidar da ya rayu da ita: in na'ura ta faɗi abin da bai shiga hankali ba, a tuhumi na'urar tukuna. Da aka buɗe wannan sashe aka ɗauko shi, ya zo da akwatin kayan aikinsa da aƙidarsa, bai sake motsawa ba. Lokacin ritayarsa ya zo ya wuce, aka riƙa sabunta masa zama shekara-shekara. Duk sabuntawa sai Dakta ya dafa masa kafaɗa ya ce, "Baba, muddin jiki bai fara gardama ba, ɗakin nan naka ne." Maganar girmamawa ce, amma Malam ba yaro ba ne, ya san ɗaya gefenta.

Kowace shekara aikin farko da ake ba sababbin ɗalibai iri ɗaya ne: su haɗa na'urar ƙirga bugun zuciya da haske. Ya yi bayaninta har bakinsa ya iya yi ba tare da shi ba. Ka samo fegin shanya, ka huda shi sama da ƙasa. A gefe ɗaya ka sa ƙaramar fitila ja, a ɗaya gefen ka sa sensa mai jin haske, yatsa ya shiga tsakani. Duk bugun da zuciya ta yi, jini yana cika 'yan jijiyoyin kan yatsa, ya shanye wani abu daga hasken, sai wanda ya isa sensa ya ɗan ragu. Ragin nan ƙanƙani ne ƙwarai, yana zaune ne a kan babban hasken da ba ya canzawa, saboda haka sai a sa kafasita ta tare babban ta bar ƙaramin ya wuce, amfilifaya ta ƙara masa ƙarfi, filta ta tace ƙyaftawar fitilun rufi da gurnanin wutar lantarki. Abin da ya saura sai ya fito a allo kamar jerin tuddai, tudu ɗaya bugu ɗaya, ƙaramar kwamfuta ta ƙirga.

A bakin mai faɗa abin da sauƙi. A kan tebur kuwa duk shekara kukan iri ɗaya ne. Wannan ya matse yatsa har jini ya gudu. Wancan ya bar hasken taga yana shiga, bai naɗe fegin da baƙin salatif ba. Waccan tana gwaji tana dariya, hannu na rawa, allo na zana duwatsu. Akwai kuma mai ƙirga bugu ɗaya sau biyu, domin kowane tudu yana da ɗan ƙaramin ƙaninsa a bayansa, in ba ka gaya wa kwamfuta ta ɗan kawar da kai bayan ta ƙirga babban ba, sai ta ce maka zuciyar mutum na gudun ɗari da hamsin alhali yana zaune yana hamma. Malam ya ga duk waɗannan har ya gaji da ganinsu, yakan gane laifin tun daga bakin ƙofa.

Al'adar yatsan kuwa babu wanda ya rubuta ta a ko'ina, amma ta fi dokokin makarantar ƙarfi. Yatsansa na nuni na hannun hagu ya sha ƙuna da yanka har fatar ta yi kanta, haske da ƙyar yake ratsa shi. Tun shekarun farko aka gane cewa na'urar da ta iya karanta wannan yatsa za ta karanta na kowa. Ga shi kuma Allah ya ba shi zuciya mai tafiyar agogo, saba'in da biyu, ko ya ci ko bai ci ba. Sai ya zama ranar jarrabawa ɗalibi zai maƙala masa fegi, shi kuma ya sa hannun dama a wuyan hannun hagu, ya kalli agogon bango, ya ƙirga da kansa ya faɗi lamba. In na'ura ta zo kusa da lambarsa, ɗalibi ya haye. Dakta da kansa, lokacin da yake ɗan siriri mai wando ɗaya, a kan wannan yatsa ya haye.

An taɓa sayo wa sashen yatsan roba, irin wanda ake jona wa akwati ya riƙa kwaikwayon bugun jini daidai yadda aka saita shi. Malam ya karɓa, ya yi godiya, ya ɗora kwalin a kan kabad ya tura shi can baya. "Roba ba ta jin sanyi, ba ta motsi, ba ta da kanta," in ji shi. "Me za ta koya wa yaro?" Gaskiya ya faɗa, amma ba ita ce kaɗai dalilinsa ba, kowa kuma ya sani ya ƙyale shi.

To, a wannan zangon sai jiki ya fara gardamar da ake faɗa. Ba da hayaniya ya fara ba. Benen da yake hawa yana gaisawa da mutane sai ya zama sai ya tsaya a tsakiya, ya yi kamar yana gyara igiyar takalmi, alhali takalminsa ba shi da igiya. Wani lokaci yana zaune sai ya ji ƙirjinsa na fafur-fafur kamar an kama kaza, can kuma ya lafa. Ya sa yatsu a wuyan hannu sau ɗaya, shi kaɗai a ɗakin ajiya, ya ji abin da ya ji, ya cire hannun da sauri kamar ya taɓa ƙarfen dalma. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sani daban ne, hawa rufi daban.

Matarsa ta yi masa magana wata safiya tana zuba masa shayi. "Malam, kwana biyu numfashinka ba ya kama da naka. Mu je a duba ka mana."

"Tsufa ne, uwar yara. Ana kai tsufa asibiti?"

"Kai da ka yi rabin rayuwarka a asibiti."

"A ɗakin gyara na yi, ba a kan gado ba."

Ta dube shi, ta ajiye butar da ɗan ƙarfi. "Wanzami dai ba ya son jarfa," ta ce, ta shige ɗaki.

Ba asibitin yake tsoro ba, abin da zai biyo bayansa ne. Ya san abokan aikinsa na da, yana ganinsu a kan benci ƙofar gida, sun zama masu gadin rana, suna matsawa in inuwa ta matsa. Shi bai iya zaman hira ba, bai iya kiwon komai ba, yaransa sun girma sun watse. In aka raba shi da ɗakin nan bai san inda zai kai hannuwansa da safe ba.

Ɗaliban bana ba su lura da komai ba. Yawancinsu manhajar ƙirgar da suka sa wa kwamfuta gado ce daga 'yan ajin gaba, tana tara bugu na tsawon lokaci ta raba ta ba da matsakaici, duk bugun da ya yi mata wani iri kuma ta yar da shi a matsayin datti. In sun kawo fegi don gwaji, na'ura ta ce tamanin da takwas, shi ma ya ƙirga ya ce wajen casa'in, ya ƙara da cewa, "Yanzu na hawo bene." Su yi dariya su tafi suna murna. Malam da kansa ya sha yi musu faɗa a shekarun baya cewa matsakaici bargo ne, yana rufe mai lafiya da mai ƙazuwa. Bana kam bai ce uffan ba, ya ma ji daɗin bargon.

Mutum ɗaya ce ba ta da bargo. 'Yan ajin suna ce mata Anti, domin ta girme su, ta yi aure ta haihu kafin ta dawo karatu, kullum tana cikin duba waya ko maƙwabciyar da ta bar wa ɗanta ta kira. Bara ta faɗi wannan darasi: ranar jarrabawa wata waya ta ɓalle a cikin na'urarta, allo ya mutu a gaban Dakta. Dokar sashen kuwa ba ta da kunya, wanda ya faɗi sau biyu sai ya nemi wata hanya. Akwai kuma sharaɗi ga mai maimaici, ba zai sake kawo irin na bara ba, sai ya ƙara wani abu. Nata ƙarin, wanda Dakta ya riga ya amince da shi, shi ne na'urarta ta nuna kowane bugu shi kaɗai: ta auna tazarar da ke tsakaninsa da na baya, ta fitar da lamba nan take, wata koriyar fitila kuma ta ƙyafta tare da shi.

Aikinta ya yi kyau, wannan ba a musu. Dalmarta sumul, wayoyinta gajeru a jere, fegin ta cusa masa soso ta naɗe shi da salatif har haske ba shi da ta shiga. Ta gwada a yatsanta, tuddai suka jeru kamar an auna da rula. Ta gwada a 'yan aji, ta gwada a mai shara, lafiya lau. Ranar da ta kawo wa Malam tana ɗan murmushi, murmushin da bai taɓa gani a fuskarta ba tun bara.

Ya miƙa yatsa. Layin allo ya yi tsalle, ya zauna, tuddai suka fara fitowa. Biyu a manne da juna, sai fili, sai wani dogo, sai uku ƙanana a guje, sai fili kuma. Lambar ta ce sittin da ɗaya, ta ce ɗari da goma sha takwas, ta ce tamanin da huɗu. Koriyar fitilar tana ƙyaftawa kamar mai ɗingishi. Kowace ƙyaftawa kuwa yana jin amsarta a ƙirjinsa, ba ta tsallake ko ɗaya ba. A duk shekarunsa bai ga na'urar ɗalibi mai gaskiya kamar wannan ba, sai ya ji ya tsane ta.

"Innalillahi," in ji Anti. "Malam, me kuma na yi?"

Nan ne wurin da ya kamata ya yi magana. Maimakon haka sai bakin nan da ya saba ya yi aikinsa. "Kin san yatsana," ya ce. "Siginarsa ba ta da ƙarfi. Wataƙila tana tsallake wasu, tana ninka wasu. Duba amfilifayarki."

Ta gyaɗa kai ta kwashi kayanta. Bai zo mata a rai ta yi shakka ba, kuma ba wauta ba ce. Duk wanda ya taso a wannan ɗaki haka zai yi tunani: yatsan Malam ba ya kuskure, na'ura ce ke yi. Shi ya koya musu haka, shekara bayan shekara, ga shi yau aƙidarsa ta zame masa maɓoya.

Daga ranar ya zama ɗan kallon abin da bai so gani ba. Yana zaune a teburinsa kusa da ƙofa, ita tana can ƙarshen ɗaki tana kwance abin da ba shi da laifi. Ta ƙara ƙarfin amfilifaya har tuddan suka daki rufin allo, ta rage. Ta canza kafasita. Ta sauko da layin da kwamfuta ke ƙirga bugu in tudu ya haye shi, ta ɗaga shi. Ta tsawaita ɗan lokacin kawar da kai don kada a ƙirga ƙanin tudu. Ta cire sensa mai kyau ta sa wata. Ta kawo masa ruwan ɗumi a kofi ya tsoma yatsa ko sanyi ne ya hana jini zuwa, ta ɗora masa hannu a kan nannaɗaɗɗen tawul don kada ya motsa. Kowane zuwa sai ta ce, "Malam, don Allah a ƙara ara min," shi kuma ya miƙa, ya kawar da ido daga allon.

Allon da ta haɗa wayoyinta a kai da dalma, wanda ya fara sumul, ya koma baƙi-baƙi saboda yawan cirewa da mayarwa. Ita ma ta fara kama da shi. Wata rana da azahar, ɗaki ya watse, ya tarar da ita ta kifa kai a kan tebur, wayarta na ta ƙara a gefe ba ta ɗauka ba.

"'Yata, wayarki."

Ta ɗago, idanunta sun yi ja. "Maƙwabciya ce. Ta gaji da riƙon yaron, ni ma ban ga laifinta ba. Babansa ya ce in bana ma ba a dace ba, to a haƙura haka, karatu ba dole ba ne." Ta juya fegin a hannunta. "Abin da ya fi ci min rai, Malam, ban san me na ɓata ba. Bara na san waya ce. Bana kowa yana karantuwa sai kai. Ko dai kaina ne bai kai ba?"

Ya tsaya a kanta, hannu a aljihu. Tausayinta ya kama shi, kunya ta fi tausayin yawa, amma tsoro ya fi su duka. "Ki sa matsakaici kamar sauran mana," ya ji kansa yana cewa. "Lambar za ta zauna."

Ta dube shi da mamaki. "Ai Dakta ba zai karɓa ba, kowane bugu aka rubuta min. Kuma ba kai ka ce mana bara matsakaici bargo ne ba?"

"Na faɗi abubuwa da yawa bara," ya ce, ya koma teburinsa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Shi ya yi shekaru yana hango na yara daga bakin ƙofa, yau ga nasa a ƙarƙashin ƙafarsa, tudun har ya fi benen makarantar wuyar hawa.

A gida ya kasa cin abinci sosai. Matarsa ba ta sake tayar da maganar asibiti ba, sai dai ta rage masa gishiri ba ta faɗa ba, shi ma ya lura bai faɗa ba. Ya yi ta saƙa da warwara. Ya ce a ransa wataƙila ranar jarrabawa zuciyar za ta yi masa kara ta daidaita, tunda takan lafa wani lokaci. Ya ce zai yi ƙaryar ya yanke yatsa a sa na wani. Ya ce zai roƙi Dakta a asirce a ɗaga wa yarinyar ƙafa. Duk dabarar da ya ɗauko sai ya ga ta yi masa ƙanƙanta, kamar rigar da ya sa yana saurayi.

Ranar jarrabawa ya tsaya sau biyu a kan bene. An jera tebura, ɗalibai sun sha wanka, kowa ya rungume na'urarsa kamar jariri. Dakta ya zauna kusa da shi da takarda da biro. Aka fara. Fegi ya shiga, fegi ya fita, har kan yatsan ya yi shati. Na'ura ta ce casa'in da biyu, shi ya ce casa'in. Dakta ya ɗaga gira sau ɗaya ya ce, "Baba, yau agogon naka na sauri," Malam ya ce masa shayi ya sha da yawa. Masu bargo duk suka haye, banda wani dogon yaro da ya sa batir a juye, hayaƙi ya tashi, aka yi dariya aka buɗe taga.

Anti ce ta ƙarshe. Ta ajiye allonta mai tabon ƙuna, ta jona, ta maƙala masa fegin a hankali. Zuciyar ba ta yi masa karar da ya roƙa ba. Tuddai suka fito yadda suka saba, biyu a manne, fili, uku a guje. Saba'in, ɗari da ashirin da huɗu, hamsin da takwas. Wani daga baya ya yi ƙasa da murya ya ce na'urar Anti ta sha wani abu, aka ƙunshe dariya.

Dakta ya ba ta lokaci, ba mugu ba ne. Ya sa ta cire ta mayar. Ya kalli allon ya girgiza kai. "Kin yi ƙoƙari," ya ce, "amma kin san ƙa'ida. Wadda ba ta karanta yatsan Baba ba, ba ta karanta ba." Ya sunkuya kan takarda. Anti ba ta yi kuka ba, ta miƙo hannu kawai za ta cire fegin, kamar wadda ta gama gajiya da komai.

Malam ya janye hannunsa daga nata, fegin na maƙale. Ba wata jarumta ya ji ba, gajiya ce kawai ta kai masa iya wuya, ya ga ɓoyon ya fi faɗar nauyi. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi.

"Dakta, ajiye biron nan," ya ce. "Kama nan."

Ya miƙa masa wuyan hannun dama. Dakta ya dube shi, ya ɗora yatsu biyu a kan jijiyar.

"Kar ka kalli lamba. Kalli koriyar fitila."

Fitila ta ƙyafta, ta ƙyafta, ta yi shiru, ta ƙyafta sau uku a jere. Leɓen Dakta na motsi tare da ita. Can ya matsa yatsunsa ya sake lalubo jijiyar, ya ƙura wa allon ido, inda wani ɗan ƙaramin tudu ya fito tsakanin manya biyu.

"Wannan ƙaramin da ƙyar na ji shi a hannu," ya ce a hankali. "Ita ta kama shi." Ya ɗago kai, fuskarsa ta koma ta siririn yaron nan na da. "Baba, tun yaushe?"

"An kwana biyu."

"Ka sani?"

"Na sani." Malam ya juya ga Anti, abin da ya fi masa wuya ke nan. "'Yata, na'urarki lafiyarta ƙalau. Tun ranar farko da kika kawo ta lafiyarta ƙalau. Ni ne ba daidai ba, kuma na bar ki kina ta kwance ta. Ki yafe ni."

Anti ta kalli allonta, duk tabon da ta yi masa a banza, ta kalli tsohon. Ya ga fushi ya taso mata, kuma tana da gaskiya, ya jira ta sauke masa shi. Daga ƙarshe abin da ta ce shi ne, "Malam, wannan ba ta faɗin ciwo, bugu kawai take nunawa. Sai an manna maka wayoyi a ƙirji a asibiti za a san mene ne. Kai ka koya mana." Muryarta a bushe take, amma da ta zo cire fegin a hankali ta cire shi.

Dakta ya soke abin da ya fara rubutawa ya rubuta wani. Ya sallami ɗalibai, suka fita sum-sum babu mai tsokanar wani. Da ɗaki ya rage su biyu ya fara magana, cewa irin wannan ana shan magani a zauna lafiya, cewa zai kira wani likita abokinsa, cewa maganar zama kuma za a duba, ba yanzu ba. Malam ya saurare shi da ladabi. Ya san yaron da zuciya ɗaya yake faɗa, ya kuma san yadda "za a duba" take ƙarewa in ta hau ofishin sama.

"Kai dogo ne," ya ce wa Dakta. "Miƙa hannu saman kabad ɗin can, akwai kwali."

Dakta ya sauko da shi, ƙura ta tashi. Malam ya goge murfin da hannun riga, ya buɗe, ga yatsan roba kwance cikin ledarsa, sabo fil.

"Ka saita shi saba'in da biyu," ya ce. "Amma ka riƙa sa su suna gwadawa a mutane, kuma in na'ura ta faɗi abin da bai shiga hankali ba, a kama hannun mutumin tukuna kafin a kama ƙarfen dalma."

Ya bi tebura ya kashe soket ɗaya bayan ɗaya kamar kullum, ya tarar da ƙarfen dalma guda a kunne, ya yi tsaki ya zare. A tsakiyar bene ya tsaya, wannan karon bai sunkuya neman igiyar takalmi ba. Ya jingina da bango ya ciro waya ya kira gida.

"Uwar yara, gobe da safe za ki raka ni asibiti. Zuciyar ce, ba ta tafiya daidai."

Yana jin ƙarar ruwa a kwano ta cikin wayar, sai aka rufe famfo.

"Na sani, Malam," ta ce. "Duk ranar da ka kwanta bayan la'asar ina sa kunne a bayanka. Katinka na asibiti ya daɗe a jakata. Ka sauko a hankali."